Kwastoma 200, Masu Fita Ciniki Biyu: Wa Dila Zai Fara Bi?

Duk wanda ya san Kasuwar Singa ta Kano ya san cewa a gaban shagon dilan kayan masarufi ba irin mutum ɗaya ke tsayawa ba. Akwai wanda ya zo da babbar mota zai yi lodin sukari da taliya da man girki ya nufi Katsina ko Maraɗi. Akwai mai kanti daga Wudil ko Bichi da ke zuwa duk mako ya ɗauki katan ashirin ko talatin. Akwai kuma mai tireda na unguwa da ya zo da ɗan kuɗinsa a aljihu, yana neman katan ɗaya na sabulu da rabin katan na madara. Dukansu kwastomomi ne, kuma kowa yana son a saurare shi, a gaya masa farashi, a yi masa ragi, a ɗaga masa ƙafa idan biya ya yi nauyi.

Matsalar dila a nan ba ta kaya ba ce kawai. Kaya idan sun ƙare ana iya sarowa. Abin da ba ya ƙaruwa shi ne lokacin mai shago da na yaransa masu fita neman ciniki. Idan ba a tsara yadda za a raba wannan lokacin ba, zai raba kansa da kansa, kuma yawanci wanda ya fi surutu, ko ya fi kusa, ko ya fi yawan bugo waya shi ke kwashe shi. Babban kwastoma kuwa sau da yawa ba mai yawan magana ba ne. Yana aiko da oda, a yi masa lodi, ya biya. Ranar da ya samu inda aka fi kula da shi, sai kawai a daina jin ɗuriyarsa.

Hanyar da 'yan kasuwa da dama ke bi don kauce wa wannan ita ce kasa kwastomomi rukuni-rukuni gwargwadon yawan sayayyarsu, sannan a ba kowane rukuni irin kulawar da ta dace da shi. Aiki ne da littafin ciniki da biro suka isa a yi shi, amma yana da ƙa'idoji, yana kuma da ramukan da mai gaggawa ke faɗawa.

Daga ina tunanin ya fito

A ƙarshen ƙarni na 19, wani masanin tattalin arziki ɗan Italiya mai suna Vilfredo Pareto ya yi nazarin yadda kuɗin shiga da dukiya suke rarrabuwa a tsakanin jama'a, ya ga cewa kaso mafi tsoka yana taruwa ne a hannun 'yan tsiraru. Daga baya Joseph Juran, wani injiniya a Amurka da ya shahara a fannin ingancin kayan masana'antu, ya nuna cewa haka abin yake a wurare da yawa: 'yan dalilai kaɗan ke haddasa yawancin matsalolin da ake gani a masana'anta. Shi ne ya laƙaba wa wannan ƙa'ida sunan Pareto. Yau an fi saninta da ƙa'idar 80 da 20, wato kusan kashi 80 cikin 100 na sakamako yana fitowa daga kashi 20 cikin 100 na tushe.

Waɗannan lambobi biyu ba doka ba ne. A wani shagon kwastomomi kashi 10 cikin 100 ne ke kawo kashi 65 na ciniki, a wani kuma kashi 30 ne ke kawo kashi 70. Abin da kusan ba ya canzawa a harkar sari shi ne rinjayen: kaɗan ne ke ɗauke da nauyin shagon. Aikin dila shi ne ya gano nasa lambobin daga nasa littafin, maimakon ya ari na wani.

Haɗa jerin sunaye

Bari mu ɗauki misalin wani dila da muka ƙaddara, domin lissafin ya fito fili. Yana sayar da sukari, shinkafa, fulawa, taliya, man girki, madara, sabulu, omo da sinadarin ɗanɗano. Yana da kwastomomi 200 da ke dawowa, kuma a wata uku ya yi cinikin Naira miliyan 300. Yana da yara biyu masu fita su ziyarci kwastomomi, su karɓo oda, su bibiyi bashi.

Matakin farko shi ne zaɓen tsawon lokacin da za a duba. Wata ɗaya ya yi kaɗan, domin mai kanti yana iya yin babban sari a ƙarshen wata ya kwashe mako biyar bai dawo ba. Wata uku shi ne mafi ƙaranci, shekara guda kuma ta fi, saboda tana haɗa azumi da sallah da lokacin damina da ciniki ke ja baya a wasu yankuna. Daga nan sai a buɗe wa kowane kwastoma layi guda, a tara duk rasitansa na wannan lokacin, a cire kayan da ya dawo da su.

A nan ne aiki ya fi cin rai, domin sunayen da ke cikin littafin ciniki ba kasafai suke daidai da ainihin masu saye ba. Mutum ɗaya yana iya fitowa da suna uku: ranar da ya zo da kansa an rubuta sunansa, ranar da ya aiko yaronsa an rubuta sunan yaron, ranar da direba ya zo an rubuta lambar mota. Idan ba a haɗe su ba, babban kwastoma zai tarwatse ya koma matsakaita uku. Akasin haka ma yana faruwa. Direban da ke jigila zuwa kasuwar ƙauye yana iya karɓo kuɗin masu tireda goma ya yi musu sari da sunansa. A littafi babban kwastoma ne, amma a zahiri ɗan aike ne, kuma abin da ke riƙe shi shi ne saurin lodi da ɗan ihsanin da ake yi masa. Lambar waya ta fi suna amfani wajen tantance wannan, don haka dilan da ke rubuta lamba a kan kowane rasit ya rage wa kansa rabin wahala.

Idan jerin ya kammala, sai a jera shi daga mai sayayya mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. A gefe kuma a riƙa tara jimilla ana sauka: na farko, na farko da na biyu, na farko zuwa na uku, har ƙasa. Wannan jimillar ce ke nuna inda nauyin ciniki ya tsaya.

Inda ake ja layi

Ba a fara yanke cewa lallai sai rukunin farko ya zama mutum ashirin ko talatin. Ana duba jerin ne a nemi inda aka samu tazara. A misalinmu, kwastoma na 20 ya sayi kayan Naira miliyan 4.2 a wata uku, na 21 kuma miliyan 2.6. Wannan gibin wuri ne mai kyau na ja layin farko. Can ƙasa, na 70 ya sayi kayan Naira 800,000, na 71 kuma 600,000, kuma daga nan sayayyar ta ci gaba da raguwa da sauri. Nan ne layi na biyu.

Sai aka samu rukuni uku. Manya su 20 ne, wato kashi 10 cikin 100 na kwastomomi, kuma sun sayi kayan Naira miliyan 195, kashi 65 cikin 100 na cinikin shagon gaba ɗaya. Idan aka raba daidai, kowannensu yana sayen kayan kusan miliyan 3.25 a wata.

Matsakaita su 50 ne, sun sayi kayan miliyan 75, wato rubu'in ciniki. Kowannensu yana sayen kayan kimanin Naira 500,000 a wata.

Ƙanana su ne mafi yawa, mutum 130, amma duk sayayyarsu miliyan 30 ce, kashi 10 cikin 100 kacal. Idan aka raba daidai, kowannensu bai wuce Naira 77,000 a wata ba.

Akwai sharaɗi na biyu wajen ja layin farko, kuma ya fi na tazara muhimmanci: rukunin manya kada ya fi ƙarfin ma'aikatan da ake da su. Idan dila ya sa mutum 60 a rukunin da ya ce zai ziyarta duk mako, alhali yaransa biyu ne, bai kasa komai ba, ya dai sake wa tsohuwar matsala suna.

Nawa ziyara ɗaya take ci?

Wannan ita ce tambayar da diloli da yawa ba su taɓa yi wa kansu ba. Yaro mai fita ciniki, idan aka haɗa da cunkoson hanya da jiran mai kanti ya sallami nasa masu sayen da zaman duba lissafi, da wuya ya yi ziyara mai amfani fiye da huɗu a rana. Idan yana fita kwana biyar a mako, ziyara 20 ke nan. Su biyu 40, a wata kuma 160. To ga kwastoma 200. Ko da an ce a yi raba-daidai, ziyara ɗaya a wata ma ba za ta zagaya kowa ba.

Yanzu a ce albashin yaran biyu da man babur da katin waya da gyare-gyare suna cin Naira 480,000 a wata. Idan aka raba wa ziyara 160, kowace ɗaya ta tashi a kan Naira 3,000. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin zirga-zirga ya zama abin da dila ba zai iya kawar da kai daga gare shi ba.

Sai a gwada wannan da ribar da kowane rukuni ke bari. Harkar sari harka ce ta riba kaɗan a kan kaya mai yawa, kuma babban mai saye ya fi samun ragi. Mu ƙaddara ribar dilan namu a kan manya kashi 3 cikin 100 ce, a kan matsakaita kashi 4, a kan ƙanana kashi 5. Babban kwastoma yana barin ribar Naira 97,500 a wata, don haka ko an ziyarce shi sau huɗu, Naira 12,000 aka kashe. Matsakaici yana barin Naira 20,000, ziyara ɗaya ba ta yi masa nauyi ba. Ƙarami kuwa yana barin Naira 3,850. Ziyara ɗaya tak ta cinye kusan duk ribar watan, ta bar Naira 850. Idan aka je sau biyu, ko aka kai masa kaya kyauta, dila ya shiga uwar kuɗi ba tare da ya sani ba.

Abin lura a nan shi ne, ƙaramin kwastoma ba asara ba ne. Ribarsa a kan kowace Naira ma ta fi ta babba. Hanyar da ake bi a yi masa hidima ce take iya mayar da shi asara.

Kowa da irin kulawarsa

Da wannan lissafi a hannu, rabon ziyara 160 ya zo da sauƙi. Manya 20 su samu ziyara duk mako, 80 ke nan. Matsakaita 50 su samu ɗaya a wata, jimilla ta zama 130. Sauran 30 a ajiye su don wani aiki da za mu zo kansa.

Ziyarar babban kwastoma ba gaisuwa ba ce kawai. Wanda ya je ya kamata ya dawo da amsoshi: wane kaya ne ke tafiya a wurinsa, wane ne ya kwanta, yaushe zai buƙaci lodi na gaba, wa kuma yake kawo masa tayin farashi. A raba manyan tsakanin yaran biyu, kowa da nasa goma, domin kwastoma ya san wanda zai kira, mai shago kuma ya san wanda zai tambaya. Biyar na sama kuwa mai shagon ne da kansa ya kamata ya riƙe su. Idan kamfani zai ƙara farashin taliya ko sukari, su ne za a fara sanarwa. Idan kaya ya yi ƙaranci, a ware musu nasu kafin a buɗe wa kowa. Wannan ya fi ragin Naira ɗari a kan katan riƙe babban mai saye, domin abin da ya fi tsoro shi ne ya rasa kaya a ranar da nasa kwastomomin ke jira.

Matsakaita su ne inda ci gaba ya fi yiwuwa. Ziyarar wata-wata da kiran waya a rana tsayayya duk mako sun isa. Abin da ake nema a wurinsu shi ne faɗaɗa kayan da suke ɗauka. Mai kantin da ke sayen madara da sukari amma bai taɓa ɗaukar sabulu ko omo ba, ba wai ba ya sayar da su ba ne, wani wurin yake sarowa. Idan rabin matsakaitan nan, mutum 25, suka ƙara kashi 20 cikin 100 a kan sayayyarsu, ciniki ya ƙaru da Naira miliyan 2.5 a wata. Wannan daidai yake da rubu'in abin da ƙananan nan 130 suke saya gaba ɗayansu.

Ƙanana kuwa ba korarsu za a yi ba, hanya mai sauƙin kuɗi za a buɗe musu. A riƙa tura musu jerin farashi ta saƙon waya a lokaci guda. A ware yaro ɗaya a shago da zai sallame su da sauri, kada su tsaya bayan lodin babbar mota. Ciniki ya zama hannu da hannu, domin bibiyar bashin Naira 30,000 tana iya cin abin da ya fi ribar kayan. Idan ana kai kaya, a sa rana ɗaya ga kowace unguwa, a kuma sa mafi ƙarancin odar da za a kai. Masu tireda biyar a layi ɗaya suna iya haɗa odarsu a kai musu lokaci guda, kowa ya huta.

Yawan saye ba shi ne yawan riba ba

Kasawa bisa girman sayayya rariya ce ta farko. Kafin dila ya dogara da ita, dole ya sake tace rukunin manya da tambayoyi biyu: me mutumin yake saye, kuma yaushe yake biya?

Ga mutum biyu daga cikin manyan nan 20. Na farko ya sayi kayan Naira miliyan 24 a wata uku, kusan duka sukari da shinkafa, kayan da kowa ya san farashinsu kuma ribarsu ba ta da yawa. Bayan ragi, ribar da ya bari kashi 2 cikin 100 ce, Naira 480,000. Ana kai masa kaya kyauta, abin da ya ci Naira 120,000, saura 360,000. Na biyu ya sayi kayan miliyan 6 kawai, sabulu da biskit da sinadarin ɗanɗano, masu ribar kashi 6 cikin 100. Shi ma Naira 360,000 ya bari, kuma da motarsa yake zuwa. A jerin sayayya na farko ya ninka na biyu sau huɗu, a aljihun dila kuwa kunnen doki suka yi.

Bambancin ya fito ne a wajen biya. Na biyu yana biya nan take. Na farko sai bayan wata guda, wato a kowane lokaci akwai Naira miliyan 8 na jarin dila a hannunsa, suna kawo ribar Naira 120,000 a wata. Da dila yana da masu sayen hannu da hannu da za su iya ɗauke kayan wannan kuɗin, ya juya shi sau biyu a wata a kan ribar kashi 3, da Naira 480,000 zai samu. Ga kuma tashin farashi. A shekarar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100, wato sama da kashi 2 a wata idan aka raba. A irin wannan yanayi, wanda ya ba da kaya bashi na wata guda a kan ribar kashi 2 yana iya karɓar kuɗinsa cif, ya koma kamfani ya tarar ba za su sayo masa buhunan da ya fitar ba.

Wannan ba ya nufin a rabu da mutumin. Mai ɗaukar kaya da yawa yana taimaka wa dila ya cika adadin da kamfani ke buƙata kafin ya ba shi farashi mai sauƙi, kuma wannan sauƙin yana shafar kayan da ake sayar wa kowa. Abin da lissafin ya nuna shi ne maganar da za a yi da shi ta canza. Maimakon a roƙe shi ya ƙara oda, sai a nemi ya rage kwanakin biya zuwa mako biyu, ko ya biya rabi a gaba, ko ya haɗa da kayan da ke da riba.

Ƙarami a littafinka, babba a kasuwa

Littafin ciniki yana nuna abin da mutum ya saya a wurinka ne kawai, ba ya nuna abin da yake saye gaba ɗaya. Gidan burodin da ke zuwa ya ɗauki buhun sukari biyu duk lokacin da nasa ya yanke zai faɗa cikin ƙanana, alhali yana cin buhunan fulawa da sukari masu yawa duk mako daga hannun wani dilan. Haka ma mai dafa abinci a makarantar kwana, ko babban kantin da ke neman abu ɗaya tak da ya rasa a wurin mai kawo masa kaya.

Alamominsu ba su da wuyar ganewa. Sayayyarsu ba ta da tsari, tana zuwa ne da gaggawa. Abu ɗaya ko biyu suke ɗauka, kuma ba sa tsayawa dogon ciniki a kan farashi. Idan aka je wurinsu, yawan ma'aikata da girman sito da tarin katan ɗin da ba daga shagonka suka fito ba za su faɗi sauran labarin. Wannan shi ne aikin ziyara 30 da aka ajiye. Kowane wata a zaɓi wasu daga cikin irin waɗannan, tare da sababbin kantunan da aka buɗe, a je a gani da ido. Wanda aka tabbatar yana da ƙarfi, a ba shi kulawar matsakaici na wata uku ko da lambobinsa ba su kai ba. Idan bai motsa ba, a mayar da shi inda yake, a gwada wani.

Akwai kuma akasin wannan: mai babbar sayayya sau ɗaya. Gab da azumi, wata ƙungiya ko wani mai hali yana iya sayen kayan miliyan 10 don rabawa jama'a. Zai fito a sahun manya, amma ziyararsa duk mako ɓata lokaci ne. Abin da yake buƙata shi ne kira ɗaya a watan Sha'aban mai zuwa. Shi ya sa yake da kyau a ƙara layi biyu a gefen jimillar kowane kwastoma: sau nawa ya saya, da ranar da ya saya na ƙarshe.

Yadda ake gane ana kan hanya

Jerin ba a yin sa sau ɗaya a rufe. Duk wata uku a sake shi, kuma wajen kwatanta wannan zangon da wancan a ƙirga katan da buhu, kada a tsaya a kan Naira. Mai kantin da ya sayi kayan Naira 500,000 bara kuma yake sayen na 550,000 bana yana iya zama ya rage kaya ne, farashi ne ya ɓoye raguwar. Saboda wannan dalili, iyakokin rukunan ma sai an riƙa ɗaga su, in ba haka ba kowa zai yi ta hawa sama a takarda alhali sito bai shaida ba.

Abubuwa huɗu sun isa su nuna ko tsarin yana aiki. Yawan kayan da manya ke ɗauka ya tsaya ko ya ƙaru? Kwanakin da bashi ke yi a waje sun ragu? Matsakaita nawa suka haura? Ƙanana nawa suka daina zuwa? Idan amsar ta ƙarshe ta yi yawa, to an wuce gona da iri wajen janye musu kulawa, kuma daga cikinsu ne matsakaitan gobe za su fito.

A kan manya kuma a sa ido ga alamun tafiya tun kafin ta faru. Mai zuwa duk kwana bakwai ya koma kwana goma sha biyu. Mai ɗaukar kaya iri takwas ya koma iri biyar. Wanda ba ya tambayar farashi ya fara tambaya kafin ya ba da oda. Duk wanda ya wuce ninki biyu na kwanakin da ya saba bai dawo ba, a kira shi a ranar. Haɗarin a nan babba ne: a misalinmu, kwastoma na ɗaya shi kaɗai yana sayen kayan miliyan 30 a wata uku, daidai da ƙanana 130 a haɗe. Kuma irin wannan ne ya fi kowa damar tsallake dila ya koma saye kai tsaye daga kamfani idan ya ƙara ƙarfi. Dilan da ya ga mutum biyu ko uku sun riƙe fiye da rubu'in cinikinsa ya kamata ya ƙara himma wajen rainon matsakaita, domin kada tafiyar mutum ɗaya ta girgiza shagon.

Daga ƙarshe, jerin nan na cikin gida ne. Bai kamata kwastoma ya ji cewa an sa shi a aji na uku ba, kuma bai kamata yaran shago su ɗauke shi lasisin wulaƙanci ba. A kasuwar da labari ke yawo daga baki zuwa baki, mai tiredan da aka yi wa kallon banza yana iya zama ƙanin babban kwastomanka. Gaskiyar awo, ingancin kaya, faɗin farashi ba tare da ha'inci ba da sakin fuska hakkin kowa ne, ko katan ɗaya ya zo saye. Abin da ake rabawa gwargwadon girman sayayya shi ne ziyara, da lamunin bashi, da kai kaya, da lokacin mai shago, domin waɗannan ne ke da iyaka kuma kowannensu kuɗi yake ci. Dilan da yake son gwadawa zai iya farawa da rasitan wata ukun da suka wuce, ya fitar da sunaye ashirin na sama, ya rubuta a gaban kowanne ranar da wani daga shagon ya taka ya je wurinsa na ƙarshe.